Rubu'in dinari, haraji da hatimi: abin da Banu Umayya suka bar mana a baki

"Malam, a wajen ɗaurin aure na ji an ce sadaki ba ya yin ƙasa da rubu'in dinari. Wane dinari ake nufi, na Kuwait ko wani daban? Wani kuma ya ce mini Banu Umayya ne suka ƙirƙiro kalmar." Mai karatu daga Katsina.

"Malam, haraji da hatimi Hausa ce ko aro? In aro ne, daga wace daula?" Wata 'yar'uwa daga Maraɗi.

Ɗan'uwa na Katsina, ka cire Kuwait daga lissafi, domin dinarinta suna ne kawai da aka ɗora wa takardar kuɗi ta zamani. Wanda ya ce maka Banu Umayya suka ƙirƙiro kalmar shi ma ya zarce. Dinari yana cikin Alƙur'ani, a Suratu Ali Imrana aya ta 75, dirhami kuma ya zo da jam'insa a Suratu Yusuf aya ta 20, inda aka sayar da Annabi Yusuf a kan 'yan dirhamai ƙidayayyu. Larabawa sun ari ta farkon daga denarius na Rumawa, ta biyun daga drachma na Girkawa, tun kafin Musulunci. Abin da Banu Umayya suka yi shi ne suka ba dinari siffa da nauyin da har yau malamai ke komawa gare shi.

Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, wanda ya kafa daular Banu Umayya, ya riƙe mulki a Dimashƙa daga 661, ya kuma karɓar wa ɗansa Yazidu mubaya'a tun yana raye, abin da ya mai da halifanci gadon gida a karo na farko. Amma a harkar kuɗi da rajista bai taɓa abu mai yawa ba. Kasuwannin Sham da Masar sun ci gaba da amfani da zinarin Rumawa mai hoton sarkinsu da gicciye, Iraƙi kuma da azurfar Farisa mai hoton Kisra a fuska ɗaya da murhun bautar wuta a ɗaya fuskar. Musulmi kan ƙara "bismillahi" a gefen azurfar, su bar sauran yadda yake. Sai da Abdulmalik ɗan Marwan ya hau a 685, ya gama da yaƙin basasa a 692, sannan ya waiwayi kuɗin. Da farko an gwada buga dinari mai hoton halifa a tsaye da takobi. A shekara ta 77 bayan Hijira, wato wajen 697, aka jefar da hoto gaba ɗaya. Sabon dinarin rubutu ne zalla: kalmar tauhidi a tsakiyar fuska ɗaya, wani ɓangare na Ƙulhuwallahu a tsakiyar ɗayar, shekarar bugu a gefe. Ko sunan halifan babu a jikinsa.

Nauyinsa miskali ɗaya ne. Masu bincike na zamani sun auna dinarorin Abdulmalik da ke ajiye a gidajen tarihi suka samu kowanne na kai giram 4.25 ko kusa da haka, kuma daga nan ne lissafin da kake ji a rediyo lokacin fitar da zakka ya samo tushe. Nisabin zinari dinari 20 ne, ka ninka da 4.25 ka sami giram 85. Rubu'in dinari kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne na 4.25, wato giram 1.06 da 'yan ɗigo. To in kana son sanin mafi ƙarancin sadaki a yau, tambayi masu sayar da gwal farashin giram ɗaya na tsantsar zinari, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin sha shida. Ka kula da kalmar tsantsa, domin gwal ɗin sarƙa da 'yan kunne gauraye yake da wasu ƙarafa, farashinsa bai kai na tataccen ba.

Littattafan Malikiyya da muke karantawa a zaure ba sa maganar giram, da ƙwayar sha'ir suke awo: dinari ƙwaya 72, dirhami ƙwaya 50 da biyu cikin biyar. Ka ninka 72 sau bakwai, ka ninka 50.4 sau goma, duka biyun za su ba ka 504. Wannan ita ce ƙa'idar da ake cewa dirhami goma nauyin miskali bakwai ne, kuma da ita ake fitar da dirhami giram 2.975, nisabin azurfa na dirhami 200 ya zama giram 595.

Inda ake samun ruɗani shi ne, Malikiyya sun ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami uku na azurfa. A wancan zamani su biyun daidai suke, a kan canjin dinari ɗaya dirhami goma sha biyu. Yau zinari ya tsere wa azurfa nesa ba kusa ba, har giram 1.06 na zinari ya ninka giram 8.9 na azurfa sau da yawa a farashi. Shi ya sa za ka ji malamai biyu sun faɗi adadi biyu masu nisa da juna, kowa kuma da littafinsa a hannu. Kafin ka ce ɗaya ya yi kuskure, tambaye shi da wane ƙarfe ya auna.

Wani abin da zai ba ka sha'awa: masana harshe da yawa na ganin kalmarmu ta zinari ko zinariya ita ma dinari ce, ta shigo da wuri ta bakin fatake har ta sauya kama, sunan tsabar kuɗi ya koma sunan ƙarfen kansa. Daga baya malamai suka sake ɗauko ta daga littafi a matsayin dinari. Kalma ɗaya ke nan ta shigo gari sau biyu, ta ƙofa biyu.

'Yar'uwa ta Maraɗi, duka biyun aro ne daga Larabci, kharaj da khatam, kuma Hausa kan mai da wannan harafi na maƙogwaro ya zama h, kamar yadda khalifa ya zama halifa. Ba wata daula da ta miƙo mana su hannu da hannu. Daular Banu Umayya ta faɗi a 750, ƙarnuka kafin Musulunci ya zauna a fadojin Kano da Katsina. Ruwayoyin Larabawa sun ce Uƙba ɗan Nafi'u ya kai Kawar, a arewa maso gabashin Nijar ta yau, wajen 666, sannan ya kafa birnin Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, a 670, amma sintirin mayaƙa ba ya dasa kalma. Abin da ya dasa su shi ne Larabci ya zama harshen ofis, kuma wannan aikin Banu Umayya ne.

Har zamanin Abdulmalik, rajistar haraji a Sham da Girkanci ake rubuta ta, a ƙarƙashin wani Kirista mai suna Sarjun ɗan Mansur wanda ya yi wa Mu'awiya da Yazidu aiki. Ta Iraƙi da Farisanci take. Wajen 697 Salihu ɗan Abdurrahman ya juya ta Iraƙi zuwa Larabci da umarnin gwamnanta Hajjaju ɗan Yusuf, a 700 Sulaimanu ɗan Sa'ad ya juya ta Sham, Masar ta biyo baya wajen 706, Khurasan kuwa sai kusan 742. Kar ki ɗauka an kwana an tashi aka daina tsofaffin harsunan: takardun Ƙurra ɗan Sharik, gwamnan Masar daga 709, da aka tono a wani ƙauye na kudancin ƙasar, wasu da Larabci suke, wasu da Girkanci, wasu da duka biyun. Amma daga lokacin duk mai son aikin gwamnati dole ya koyi Larabci, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Kalmomin rajista suka shiga littattafan fiƙihu, littattafan suka bi ta Ƙairawan da Timbuktu da Borno suka iso mana.

Haraji ya yi tafiya mai ban mamaki. A farkon daular ba a tsaurara bambanci tsakanin kharaj da jiziya ba, takardun Ƙurra ma jiziya suke kiran kuɗin da ake tarawa daga ƙauye. Matsala ta taso da manoma suka riƙa musulunta suna barin gona, kuɗin shiga ya ragu, har Hajjaju ya riƙa mai da su ƙauyukansu da ƙarfi. Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya hana karɓar jiziya daga wanda ya musulunta. Matsayar da aka tsaya a kai daga bisani ita ce jiziya tana kan mutum, Musulunci na sauke ta, kharaj kuma yana kan ƙasa, ko wa ya noma ta. To sai ga shi a Hausa abin ya juye. Harajin da iyayenmu suka sani a zamanin Turawa da En'e kuɗin kai ne, a kan kowane baligi namiji, dagaci da mai unguwa na bi gida gida, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi tare da jangali a 1979. Kalmar da malaman fiƙihu suka keɓe wa gona ta koma kan mutum. Yau kuma ta faɗaɗa ta rufe kowane kuɗin da hukuma ke karɓa.

Hatimi shi ma ya girmi daular, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da zoben azurfa da yake buga wa wasiƙu. Abin da ake danganta wa Mu'awiya shi ne mai da shi ofis. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ya rubuta wa gwamnan Iraƙi a ba Amru ɗan Zubair dirhami dubu ɗari, Amru ya buɗe takardar a hanya ya mai da ɗari ta zama ɗari biyu, abin da a rubutun Larabci ƙarin 'yan haruffa ne kawai. Da lissafi ya dawo Dimashƙa aka gano, sai Mu'awiya ya kafa diwanul khatam, inda ake kwafe kowace takarda a ajiye, a ɗaure ta asalin da zare, a liƙe, a buga hatimi. A wurinmu kalmar ta riƙe wannan ma'ana a wasiƙun sarakuna, ta kuma sami ta biyu a hannun malaman tsibbu, wato zanen gidaje mai haruffa ko lambobi da ake yi a allo ko a laya.

Kar ki haɗa waziri a wannan jerin, ko da yake mutane kan yi hakan. Kalmar tana cikin Alƙur'ani a kan Annabi Haruna, amma a matsayin muƙamin gwamnati Abbasiyawa ne suka kafa shi bayan 750. Babban ma'aikacin halifan Banu Umayya katibi ake ce masa, wato magatakarda.