Baktes ya yi kyau, laif kuma asara

"Jama'a, na saita dabarata ta forex a baktes, wato gwaji a kan tsohuwar data, tana ta cin riba, da na saka ta laif a kasuwa ta gaske sai asara kawai. Ina matsalar take?"

Malam, ina zargin obafitin ne, wato dabara ta haddace tsohuwar data kawai, nima ya taɓa cin kuɗina. Dabarata ta mubin abarej biyu ce a EUR/USD, wato layukan matsakaicin farashi, gajere da dogo, in gajeren ya tsallaka dogon in shiga. Na bar kwamfuta ta gwada gajeren daga 5 zuwa 50, dogon daga 60 zuwa 200 ana tsallen biyar-biyar, haɗi 1,334 ke nan. To in ka jefa ƙuri'a sau dubu da wani abu a kan data ɗaya, ai dole wata ta fito zakara ko da babu komai a dabarar. Tawa 17 da 95 ta fito, layin riba ya miƙe sumul, har na fara lissafin abin da zan saya, hhh. Ashe hadda ta yi wa shekarun da na ba ta, har da hayaniyar da ba za ta sake maimaituwa ba.

Ka fara duba maƙwabtan lambarka. Da na gwada 16 da 95, sannan 18 da 95, ribar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. In dabara na da gaskiya, lambobin da ke kusa ma za su ɗan ci, ko da ba su kai ta ba.

Sai gwaji na biyu, wok-fowad, wato gwada dabara a datar da ba ta taɓa gani ba, ga yadda nake yinsa. A ce kana da data daga 2016 zuwa ƙarshen 2023. Ka saita lambobi da 2016 da 2017 kaɗai, ka kulle su, ka gwada a wata shidan farko na 2018 da dabarar ba ta taɓa gani ba. Sai ka matsa gaba da wata shida ka sake saitawa da shekara biyun da ke bayanka, ka gwada a wata shida na gaba, haka dai har ƙarshe. Za ka samu gutsure 12, su kaɗai za ka haɗa ka kalla, ribar lokacin saiti ka manta da ita. Kuma ka saka sifired da kwamishon a ciki don Allah. Ka lura da lambobin da ake zaɓa ma, in wannan zagaye gajeren 12 ne na gaba 44, babu wani abu tsayayye da dabarar ta kama.

In MT5 kake amfani da shi akwai Forward a cikin Strategy Tester, amma yanka ɗaya yake yi, matsawar da kanka za ka yi.

Inda na sake faɗawa rami: sakamakon bai min daɗi ba sai na ƙara RSI na sake gudu, na canza shekara biyu zuwa uku na sake, har sai da ya yi kyau. To ai na riga na leƙa amsar, gutsuren nan sun daina zama sabbi. Yanzu shekarar ƙarshe nake ajewa gefe, sau ɗaya tak nake taɓa ta. Ciniki nawa baktes ɗinka ya yi gaba ɗaya, kuma lambobi nawa ka juya?