Filar da ke kan iyaka: faɗaɗa fandisho zai wadatar?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ina kula da wani gini mai hawa ɗaya a Ɗorayi, filin awon igiya ne, mai shi kuma ya ce ko taku ɗaya ba zai bari ba. Filolin baya sun faɗo daidai kan iyaka da maƙwabci. Kowace fila milimita 230 ce a kan 230, nauyinta kusan 300 kN, an ba ni ƙarfin ƙasa 150 kN/m². Na raba na samu fandisho mita 1.5 a kan 1.5, sai dai filar za ta zauna a bakinsa. Magini ya ce in mayar da shi mita 2 in ƙara rodi, shi ke nan. Jibi za mu zuba kankare, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ɗaga zubin nan na jibi tukuna.

Rabon da ka yi daidai ne idan nauyin ya sauka a tsakiyar fandishon. A nan ne kawai ƙasa ke ɗaukar kaya daidai wa daida, 300 a kan 2.25, wato kusan 133 kN/m². Da zarar filar ta goce daga tsakiya da tazarar `e`, gefe ɗaya zai fi danna ƙasa, kuma wannan gefen ake kwatantawa da 150 ɗinka. Muddin `e` bai wuce `L/6` ba, inda `L` shi ne tsawon fandishon ta ɓangaren da aka goce, `B` faɗinsa, `N` nauyin da fila ta sauke, `q` kuma matsin da ke kan ƙasa, ga lissafin:

```
q = N/(B*L) * (1 ± 6e/L)
```

A ce masu ɗaura igiya ne suka yi kuskure fila ta goce da milimita 100 kacal. A kan fandishonka, gefe ɗaya zai kai 187, ɗayan ya sauka 80. Ka ga har ka wuce 150, a kan gocewar da ba ta kai faɗin bulo ba. Irin wannan yana da sauƙin magani: ka ƙara tsawo ta inda aka goce. Mita 2 a kan 1.5 zai ba ka 130, ka ɗora kusan 10 na nauyin kankaren kansa idan kaurinsa 400 ne, ka tsaya a 140.

To amma naka ba wannan ba ne. Tsakiyar filarka tana milimita 115 daga bakin fandisho, don haka `e` ya zama 750 a cire 115, wato 635, alhali `L/6` ɗinka 250 ne. Idan aka wuce wannan iyaka, lissafin sama zai ba ka amsa mai alamar ragi a gefe ɗaya, ma'ana wai ƙasa tana riƙe kankare kada ya ɗaga. Ƙasa ba ta yin haka. Gefen yana ɗagawa ne kawai, kayan duka su koma kan ɗan sashen da ya rage:

```
qmax = 2N / (3*B*(L/2 - e))
```

Saka lambobinka. `L/2 - e` shi ne 0.115. Sashen da ke taɓa ƙasa da gaske ninki uku ne na wannan, milimita 345 daga cikin 1,500 da kuka haƙa. Matsin ya haura 1,100 kN/m². Ko ka sa nauyin fandishon ya taimaka, yana nan wajen 900, ninki shida na abin da ƙasar za ta iya.

Yanzu ga maganar maginin nan, wadda nake ji kusan kowane mako har ta ishe ni. “A faɗaɗa kwandon, a ƙara rodi.” Sake duba lissafin da kyau. Ka mayar da tsawon mita 2, rabinsa ya zama 1,000, `e` ya zama 885, bambancinsu yana nan 115. Ka mayar da shi mita 3, yana nan 115. Filar ba ta matsa daga baki ba, don haka duk kankaren da ka ƙara ta cikin gida kwance yake ba ya ɗaukar komai, illa ɗan nauyinsa da yake dannawa. Siminti ne mai gida zai saya a binne. Shi kuwa rodi, aikinsa ya hana kankare karyewa. Bai san komai game da ƙasar da ke ƙarƙashi ba. Ka jera Y20 kamar tabarma, fandishon zai karkata ne lafiyarsa ƙalau ba tare da ya tsage ba.

Na san abin da zai ce maka: shekara ashirin yana yin haka babu wanda ya faɗi. Wani lokacin gaskiya yake faɗa, kuma akwai dalili. Gidajen da yawa ƙasa ne ba bene ba, bangon bulo ne ke ɗauke da kayan, filar ado ce. A wasu kuma dakin, wato rufin kankare, da bim na sama ne suke riƙe kan filar, ita kuma tana lanƙwasa da wani ƙarfin da ba wanda ya lissafa mata, ga ta 230 da rodi huɗu. Wasu sun dace da marmara mai tauri. Amma Kano ba duka marmara ba ce. Kududdufai nawa aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye a kai? An taɓa kira na wani gida bayan ruwan Agusta, mai gidan yana cewa ƙofofin baya sun daina rufuwa. Na tarar da tsaga ta tashi a karkace daga kusurwar taga, siririya a ƙasa, a sama kuwa yatsana na shiga. Da muka saki igiya da dutse daga saman bangon, sai ga shi ya jingina wajen maƙwabci. Muka tona, fila a bakin fandisho, rodi kuwa an zuba shi ba rowa. Maginin yana tsaye yana ce mini ai ya saka ƙarfe isasshe. Kuma ya saka ɗin.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗaure fandishon iyaka da na filar ciki da bim mai ƙarfi, domin bim ɗin ya hana shi juyawa. A ce filar ciki tana mita 4 daga wannan. Ka gajarta fandishon iyaka ta wajen bim ɗin, ka faɗaɗa shi ta bin katanga, misali 1.2 a kan 2.1. Yanzu `e` ya koma 485. Ka ɗauki juyi a kan filar ciki: 300 sau 4, a raba da 3.515, ka samu 341 kN. Lura cewa ƙasa tana ɗaukar fiye da nauyin filar, mutane da yawa suna manta wannan ƙarin 41. A kan murabba'in mita 2.52 matsin ya zama 135, da nauyin kankare 145, kuma a shimfiɗe yake. Wancan 41 ɗin sama yake ɗaga filar ciki, don haka ka tabbatar nauyinta na dindindin ya fi shi nesa ba kusa ba, kada kuma ka rage girman fandishonta saboda shi.

Bim ɗin ba irin ɗan siririn da ake zagayawa da shi a kan bulon fandisho ba ne. Juyin da ke kansa ya haura 120 kNm tun kafin a ninka da ma'aunin kariya, saboda haka zurfinsa zai kai wajen 600 ko fiye. Manyan rodinsa a sama suke, su wuce har bayan filar iyaka a lanƙwasa su ƙasa. Mai ɗaurin rodi ya saba sa manya a ƙasa, zai juya maka shi idan ba ka tsaya a kansa ba. Tsakanin fandisho biyun kuma a bar ƙasa sako-sako a ƙarƙashin bim ɗin, kada a daddaɓe ta, don kada ya zauna a kanta lissafin ya canza. Idan filolin biyu suna kusa sosai, haɗa su a fandisho guda ya fi sauƙi.

Sai 150 ɗin nan da ka ce “an ba ka”. Wa ya ba ka? Idan daga rahoton gwajin ƙasar wannan filin ya fito, madalla. Idan daga zanen wani gida aka kwafo shi, ka sa a haƙa rami a kan layin bayan nan ya wuce zurfin fandishon, ka shiga da kanka ka ga ko ƙasar asali ce ko ciko, sannan a kai samfur gwaji kafin ka kira masu kwaɓa kankare.