Jadawalin sakamako daga hotunan littafin lab: a fara da kwafe abin da ke shafin

"Assalamu alaikum. Abokin aikina ya turo min hotunan shafi huɗu na littafinsa na lab, taitireshan ɗin HCl da NaOH ne. An ce in fitar da jadawalin sakamako da taƙaitaccen bayanin yadda aka yi aikin. Wasu lambobin ba sa karantuwa, wasu kuma an soke su. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu, wallahi na san wannan ciwon kan, kuma duk wanda ya taɓa karɓar aikin wani ta hoto a cikinmu ya san shi. Shawarata ta farko, kada ki fara da jadawalin da za ki miƙa. Ki buɗe takarda daban ki kwafe kowace lamba yadda take a shafin, har da waɗanda aka soke, ki sa lambar hoto da lambar shafi a gefen kowane layi. Kada ki gyara komai a wannan matakin, kada kuma ki yi lissafi. Da zarar mutum ya haɗa kwafa da lissafi, idonsa sai ya riƙa ganin lambar da yake so ta fito.

Bari in ɗauki misali irin naki. A ce an ɗebi HCl 25.00 mL da fifet, NaOH na cikin buret mai 50 mL, alamar kuwa fenolftalin ce. Layukan buret ɗin 0.1 mL ne tsakaninsu, ana karanta shi zuwa 0.05 mL, don haka kowace lamba tana da gurbi biyu bayan ɗigo, kuma a kan 0 ko 5 take ƙarewa. Wannan kaɗai yana warware rabin rikicin hoto: in kika ga abin da ya yi kama da 47.76, ki ƙara girman hoton, mai yiwuwa 47.75 ne. Sai dai ki fara duba sauran lambobinsa, don wasu suna ƙiyasta gurbin ƙarshe zuwa 0.01 mL.

| Gwaji | Karatun farko (mL) | Karatun ƙarshe (mL) | NaOH da aka zuba (mL) |
|---|---|---|---|
| Na ƙiyasi | 0.00 | 24.20 | 24.20 |
| 1 | 0.50 | 24.10 | 23.60 |
| 2 | 24.10 | 47.75 | 23.65 |
| 3 | 1.20 (a) | 24.75 | 23.55 |

Ki lura ma'aunin yana kan kowane ginshiƙi sau ɗaya, ba a maimaita shi a kowane gida. In shi ya rubuta cm³, daidai yake da mL, haka mol/dm³ daidai yake da mol/L. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai.

Wannan (a) ɗin shi ne lambar da hoto ya ɓata. A ce 1 ɗinsa da 7 ɗinsa sun yi kama, ba ki san ko 1.20 ne ko 7.20 ba. In ya rubuta 23.55 a gefe a matsayin abin da ya zuba, ai 24.75 a ɗebe 1.20 shi ne 23.55, alhali 7.20 zai ba da 17.55. Kin ga shafin da kansa ya yanke hukunci. Amma duk da haka ki rubuta a ƙasan jadawalin cewa "(a) lambar farko ba ta fito sosai a hoto ba, an tabbatar da ita daga bambancin da ke gefen shafi". In kuwa babu wata shaida a shafin, ki rubuta "ba ya karantuwa", ki nemi sabon hoto. Don Allah kada ki zaɓi 1.20 don kawai ya fi dacewa da sauran. Wannan ƙirƙira ce, ko da ta faɗa daidai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu ɗaukar hoton nan. Mutum zai riƙe waya a karkace, inuwar hannunsa ta rufe rabin shafi, tsakiyar littafin ya lanƙwasa ya haɗiye ginshiƙin farko, saman shafin inda kwanan wata da ma'auni suke kuma ya yanke shi. Sai ya tura ta manhajar hira a matsayin hoto, ta matse shi, ɗigon da ke cikin 23.60 ya ɓace ya koma kamar datti a takarda. Gobe in lissafi ya ƙi, wanda ya kwafa ake tuhuma, shi kuwa mai littafin ya ce ai rubutunsa a fili yake. Ba adalci ba ne. Ki ce masa ya shimfiɗa littafin, ya ɗauka daga sama tsaye, kusurwoyi huɗu duka su fito, ya turo a matsayin fayil. Ba raini a ciki, haƙƙinki ne.

Lambobin da aka soke kuma su zauna a takardar kwafa. Wadda ya rubuta a madadinsu ita ce za ta shiga jadawali, tare da dalilin sokewar in ya faɗa. In an soke gwaji guda cur ba dalili, ki tambaye shi, kada ki jefar shiru.

Gwajin ƙiyasi ba ya shiga matsakaici, don da gangan ake zuba shi da sauri, yawanci yakan zarce. Sauran ukun tazararsu 0.10 mL ce, sun yi daidai da juna, matsakaicinsu 23.60 mL. In kika haɗa da na ƙiyasi zai koma 23.75 mL, kin ɗaga sakamako ke nan ba gaira ba dalili. Kuma Excel zai mayar miki da 23.60 zuwa 23.6, sai ki shiga Format Cells ki sa gurbi biyu. Sifilin nan yana gaya wa mai karatu iya inda aka karanta buret. In jadawalin ya fara daga gidan A1, ga lissafin abin da aka zuba a gwaji na 1 da na matsakaicin ukun, sai dai kada (a) ta shiga gida ɗaya da 1.20, don Excel ba zai ɗauke ta a matsayin lamba ba:

```
=C3-B3
=AVERAGE(D3:D5)
```

Ga tarkon da ya fi kama mutane. A shafin zai rubuta "NaOH 0.1 M", to wannan sau da yawa sunan kwalba ne kawai. NaOH yana tsotsar laima da CO₂ daga iska, shi ya sa ake auna ainihin ƙarfinsa, galibi da wani gishirin asid mai suna KHP, kuma wannan lambar tana iya zama a wani shafi can baya da bai ɗauka ba. A ce ta fito 0.0987 mol/L. Tunda HCl da NaOH ɗaya da ɗaya suke haɗuwa:

```
c(HCl) = 0.0987 × 23.60 / 25.00 = 0.0932 mol/L
```

Da 0.1 kika yi aiki, da 0.0944 kika samu, kuskuren da ya haura kashi 1 cikin 100, kuma jadawalin zai fito tsaf ba wanda zai gane. In shafin bai zo ba, ki rubuta cewa ƙarfin da ke jikin kwalba aka yi amfani da shi, kada ki ƙara masa sifili ya zama 0.1000.

Bayanin hanya bai kamata ya wuce jimla uku ko huɗu ba, kuma abin da ke littafin kaɗai zai shiga, ba abin da takardar umarnin lab ta ce a yi ba. Misali: "An ɗebi HCl 25.00 mL da fifet, aka yi taitireshan da NaOH 0.0987 mol/L daga buret mai 50 mL, da fenolftalin, har ruwan ya koma ruwan hoda mai haske. An yi gwajin ƙiyasi ɗaya da gwaji uku, matsakaicin na ukun ne. An kwafo daga hotunan shafi na kaza zuwa kaza." In bai rubuta zafin ɗaki ko yawan ɗigon fenolftalin ba, ki sa "ba a rubuta ba". Kafin ki miƙa, ki tura masa jadawalin ya riƙe littafin a hannu, ke kina karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, musamman gwaji na 3. Allah ya ba da sa'a.