Kashi na uku: ki kai mai jarrabawa kasuwar Maigatari

"Assalamu alaikum Yaya. Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Gumel, kuma ina shirin zana jarrabawar Turanci ta IELTS. Kashi na ɗaya da na biyu na jarrabawar baki ba sa ba ni tsoro. Na ukun ne matsalata: da an tambaye ni ra'ayina kan al'umma ko zamani, jimla ɗaya nake yi sai bakina ya mutu. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, a ina zan samo misalai?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Karon farko da na zauna wannan jarrabawa, maki 6.5 na samu a magana, alhali hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, 7 take nema a wannan fanni. Da na zauna na yi tunani, sai na gane ba Turancin ne ya kayar da ni ba, tarbiyya ce. Mun tashi idan babba ya yi tambaya sai a sunkuyar da kai a amsa a taƙaice, kuma ba a ja da shi. A ɗakin jarrabawa wannan ladabin asara ne, domin mai jarrabawar ba ya iya ba da maki a kan abin da bai ji ba.

Duka zaman minti 11 zuwa 14 ne, kuma kashi na uku yana cin minti 4 zuwa 5 na ƙarshe. Tambayoyinsa daga batun da ke kan katin da ake ba ki a kashi na biyu suke tsirowa. Bambancin shi ne a kashi na biyu labarinki kike bayarwa, a na uku kuwa an bar ki an koma kan mutane gaba ɗaya. Abu huɗu ake aunawa: yadda magana ke zuba ba gargada kuma tana haɗe da juna, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Kin ga babu ilimin duniya a ciki, babu kuma daidai ko kuskuren ra'ayi. Idan kika ce kasuwar ƙauye ta fi kantin zamani, ba a rage miki komai, muddin kin iya kare maganar.

Mu ɗauka katin ya ce ki kwatanta wata kasuwa da kike son zuwa, kika yi minti biyu a kan kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Sai mai jarrabawa ya ce: me ya sa mutane da yawa yanzu suka fi son manyan kantuna a kan kasuwa? Amsar da na tabbata za ki bayar yau ita ce, saboda sun fi tsabta. Shi ke nan, ki yi shiru. Ba ƙarya kika yi ba, amma daƙiƙa uku ce kawai ta Turanci.

Ga yadda zan amsa da Hausa, ke ki mayar da shi Turancinki. A ganina babban dalili shi ne lokaci. Ma'aikacin da ya tashi aiki da yamma ba shi da sukunin tsayawa ciniki, a kanti kuwa farashi na manne jikin kaya, ya ɗauka ya biya ya tafi. Amma wannan ya fi shafar mutanen birni. A karkara kasuwa ta wuce wurin saye da sayarwa, domin nan ake haɗuwa da dangi, a ji labari, har a karɓi kaya bashi saboda an san juna. Misali, a yankinmu akwai kasuwar mako da ake kawo dabbobi har daga Nijar, kuma ba na jin akwai kantin da zai maye gurbinta.

Duba abin da ya faru a ciki. Jimlar farko ta ɗauki matsayi kai tsaye, ba kewaye-kewaye. Ta biyu ta kawo dalili. Daga nan aka jera birni da karkara, sannan misali ya zo ya rufe. Bai kai minti ɗaya ba, kuma haka ake so, domin wannan kashi tattaunawa ce, ba wa'azi ba. Lura kuma da yadda misalin ya shigo: na ce "a yankinmu", ban ce "ranar da na raka Baba sayen rago" ba. Idan kika zurfafa cikin labarin kanki, mai jarrabawa zai iya katse ki ya ce, to mutane fa gaba ɗaya? Wannan alama ce cewa kin koma kashi na biyu.

Kwatancen nan shi ne rijiyar da ba ta ƙafewa. Duk lokacin da kanki ya ƙulle, raba tambayar gida biyu: da da yanzu, birni da ƙauye, matasa da dattawa, mai hali da talaka. Kusan kowace tambaya tana rabuwa ta ɗaya daga cikinsu. A nan ma 'yar ƙauye ta fi 'yar birni jari, domin kin ga duniya biyu da idonki. Kin san lokacin da ake aika saƙo ta hannun direban mota ranar kasuwa, kin kuma ga yau da ake turo kuɗi ta waya a cire wurin mai POS. Ba ki buƙatar London. Kada kuma ki ƙirƙiro alƙaluma ko ki ce wani bincike ya nuna, ba a ƙara maki don su, kuma neman lamba a ka yana jawo in'ina.

Sai dai kwatance yana da tarkonsa a nahawu. Mu da "fi" kaɗai muke gama komai: ya fi arha, ya fi tsada. Turanci kuwa hanya biyu gare shi, gajeriyar kalma a ƙara mata wutsiya, doguwa a sa mata wata kalma a gaba, kuma mu Hausawa mun cika haɗa biyun a wuri ɗaya. Haka idan kina maganar da da yanzu, dole aikatau ya sauya daga abin da aka saba yi a da zuwa abin da ake yi yau. Sannan in aka ce miki, kina ganin kasuwanni za su ɓace nan gaba? Kada ki yanke kamar kin ga gaibu. Ki koyi kalmomin Turanci na "wataƙila", "mai yiwuwa" da "da wuya", don su ne kayan aikin hasashe.

Zai iya ja da ke, ya ce ai wasu na ganin akasin haka. Ba ya nufin kin yi kuskure, gwada ki yake ya ga ko za ki iya riƙe magana. Ki amince da abin da ke da gaskiya a ciki, sannan ki faɗi dalilin da ya sa kike nan kan bakanki. Idan ya katse ki, lokaci yake kiyayewa. Idan ba ki gane tambaya ba, a wannan kashi kina da damar roƙonsa ya sake faɗinta da wasu kalmomi, kuma hakan ya fi ki amsa abin da ba a tambaya ba. Haddar amsa kuwa ki bar ta, muryar mai tilawa daban take, kuma da ya karkata tambayar kaɗan sai haddar ta watse.

Yadda na shirya karo na biyu, kullum bayan Isha'i ƙawata kan jefo mini tambaya uku ta WhatsApp, ni kuma in amsa nan take da saƙon murya, ba rubutu ba gogewa. Da safe in saurara ina neman abu biyu: shin na faɗi dalili, kuma a wace daƙiƙa na tsaya. Makon farko a daƙiƙa 12 nake ƙarewa, kuma na ƙirga "saboda" ɗaya tak cikin amsa uku. Ki fara daren yau da tambayar kasuwar nan, ki turo mini muryar in saurara idan na sauka daga aikin dare.