"Har daren salla" ɗin nan, wane dare kenan?

Tambaya daga wata Hajiya mai gidan abinci a Yamai: "Malam barka da shan ruwa. A saman takardar abincinmu da muke turawa kiliyan ta WhatsApp na rubuta: Garaɓasar azumi! Rangwame kashi 20 bisa komi har daren salla, muna kai muku har gida. To wallahi kullum sai yaron babur ya dawo da rigima, wani ya ce ba ya biyan kuɗɗin kai, wata ta ce har bayan salla za ta ci ragin. Ɗana kuma ya ce in ƙara karin maganar nan araha ba ta ado. Mi ya ɓaci a Hausar tawa?"

Barka kadai Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Bari in fara da ɗan naki don shi ne mai sauƙi, ki ce mishi ya bar wannan karin maganar inda ya ganta. Araha ba ta ado ana faɗinta ne in mutum ya sayi abu mai arha ya lalace mishi, wato abin da aka samu da kuɗɗi kaɗan ba shi da ƙarko balle a yi taƙama da shi. In kin ɗora ta a kan dambunki da soyayyar zabuwarki kin zagi tukunyarki da bakinki.

Babbar matsalar tana wajen "har daren salla", kalma uku ne amma kowace da ƙofar da ta bari buɗe. "Har" tana nuna iyaka, amma ba ta faɗin ko iyakar tana ciki ko tana waje. In na ce na ci tuwon har ƙanzo, ƙanzon ma na cinye, yana ciki. In kuma na ce na jira ki har azahar, azahar na yi na tashi, ban zauna cikinta ba. To mai saye zai ɗauki ma'anar farko don ita ce ta yi mishi, ke kuma ƙila ta biyu kike nufi, kuma duk cikinku ba wanda ya yi kuskuren Hausa. In ana son iyaka ta shiga ciki sai a ce "har da", har da ranar kaza, wannan "da" ɗin ƙarama ce amma ita ke rufe gardama.

Sai "dare". A lissafinmu na addini dare ne ke gaba da yini, shi ya sa daren Juma'a shi ne wanda ke shiga da magaribar Alhamis, daren salla kuwa shi ne na jajibiri, daren da aka ga wata ana ta guga da kitso. Amma yaran yanzu da suka tashi da lissafin lakkal, rana na farawa sha biyun dare, in kika ce musu daren salla sai su ji daren da ke biyo bayan idi. Tsakanin fahimtar biyu yini guda ne cur, kuma shi ne yinin da aiki ya fi yi miki yawa. Ita kanta sallar ba ki san ranarta ba sai an ga wata, azumi na iya zama 29 ko 30, kuma mu nan Nijar sau da yawa ranarmu kan sha bamban da ta maƙwabta. Ga shi ba a yini ɗaya ake gama salla ba, ana kwana biyu uku ana barka da salla, to matar da ta ce miki har bayan idi za ta ci ragi daga nan ta samo hujjarta. Shawarata ki cire sunan salla daga wajen iyaka kwata-kwata, ki sa sunan rana da kwanan wata da ƙarfe nawa. Ki kuma faɗi ko lokacin turo kumandi ake lissafi ko lokacin isar abinci, don wanda ya turo saƙo goma saura biyar abincinshi ba zai isa ba sai bayan goma.

Rigimar yaron babur kuwa "komi" ce ta haife ta, tare da "muna kai muku har gida". Jimlar ba ta ce kyauta ba, gaskiya ne, amma kin jera ta dab da garaɓasa, ita kuma garaɓasa a kunnen Bahaushe abu ne da ya faɗo kusan a banza, sai kunne ya haɗa su. Mu yi lissafi. Mutum ya yi kumandin abincin 5.000, kuɗɗin kai 1.000. A wajenki ragin kashi 20 na abinci ne kawai, 1.000 kenan, ya biya 4.000 da 1.000 na babur, jimla 5.000. Wanda ya riƙe "komi" zai haɗa 6.000 ya cire 1.200 ya miƙa 4.800. Wanda ya ji kai gida kyauta ne 4.000 zai bada ya rufe ƙofa. Saƙo ɗaya farashi uku, yaro na tsaye a ƙofar gida ana kiran magariba shi ma bai sha ruwa ba.

Wani abu da ban so ki manta, kuɗɗi ki rubuta su da lamba da F a ƙarshe. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, saboda haka in kika rubuta "ragin ɗari" da kalmomi, ɗan kasuwa zai ji dala ɗari wato 500F, ma'aikacin da ya saba da faransanci ya ji 100F. Jikka ce kawai ba ta da gardama, kowa ya san 1.000F ce.

Kalmar rangwame ma da ni ne da na canza ta. Ba laifi ba ce, sai dai rangwame na ɗauke da ma'anar sassauci da ake roƙo a yi, shi ya sa ake ce wa mara lafiya ya samu rangwame, kuma a kasuwa in an yi maka rangwame kana iya cewa a ƙara. Ragi ya fi tsayawa waje ɗaya, an cire kaza, shikenan. Gyara kuwa ƙari ne a kan kaya bayan an gama ciniki, kamar in kin sa ƙosai biyu a kan kumandi, kar ki haɗa su.

Ga yadda zan rubuta, ranar da iyakar kuɗɗin na sa ne misali, ki sa naki:

"Ragin azumi: kashi 20 cikin 100 a kan abinci kawai. Banda abin sha, banda kuɗɗin kai gida. Ragin na kumandin da ya kai 3.000F ne ko ya fi, sau ɗaya a rana ga kowace lambar waya. Kuɗɗin kai gida 1.000F, Harobanda da sauran karce na ƙetaren gada 1.500F. Ranar ƙarshe: Laraba 18 ga Maris, har da ita, kumandin da ya shigo kafin ƙarfe 10 na dare. Daga Alhamis 19 ga Maris farashi ya koma yadda yake, ko an ga wata ko ba a gani ba."

Ki lura na faɗi ƙarshen sau biyu, ranar da ragi ke ƙarewa da ranar da tsohon farashi ke dawowa, da gangan na yi, wanda ya zame a ta farko ta biyu za ta tare shi. Na kuma ce "ya kai 3.000F ko ya fi" maimakon "sama da 3.000F", don mai kumandin 3.000 daidai kar ya tsaya tambaya.

Saura waɗanda suka riga suka ga tsohon saƙon, don magana zarar bunu ce, wanda kika tura ya riga ya fita kuma yana nan cikin wayoyinsu. Ki tura sabon da "gyaran saƙo" a samanshi, ki canza hoton takardar da ke yawo, ki kuma sa yaron babur ya riƙe shi a wayarshi, sannan duk wanda ya yi kumandi a faɗa mishi jimlar kuɗɗin, abinci da na kai, tun babur bai tashi ba.