Harajin dukiya: a ina kimantawa ke cijewa?

"Me ya sa yawancin gwamnatoci ba sa karɓar haraji kan dukiyar attajirai kowace shekara, sai kan kuɗin shiga? Ina ganin hakan ya fi adalci."

Adalcin da kake nufi gaskiya ne, kuma abin yana damuna. Sai dai kuɗin shiga yana zuwa da lambarsa: an biya albashi, an sayar da kaya, akwai takarda. Dukiya kuwa sai an yi mata kuɗi ba tare da an sayar ba.

Hannun jarin da ake cinikinsa a kasuwa ba wuya, a duba farashin ranar ƙarshen shekara. Amma ɗauki kamfanin iyali da ba a taɓa sa shi a kasuwa ba, ribarsa miliyan 10 a shekara. Wani mai kimantawa ya ninka ta sau 6, ya ce darajarsa miliyan 60. Wani ya ninka sau 10, ya ce miliyan 100. Idan harajin kashi 1 cikin ɗari ne, na farko ya kawo dubu 600, na biyu miliyan 1, kuma kowa da hujjarsa. Baɗi a sake wannan jayayya. Ga shi mai kamfanin zai biya da tsabar kuɗi ko da shekarar ta zo da asara.

Jamus ta ɗanɗana wannan. A 1995 kotun tsarin mulkinta ta ce ba a daidaita ba, domin ana yi wa gidaje da filaye kuɗi da tsohon ƙiyasi, kuɗin banki kuwa da darajarsu ta yau. Daga 1997 aka daina karɓar harajin.