Gwajin χ² a jadawali mai gida shida: df 5 ne ko 2?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga hoton jadawalin da na haɗa daga bayanan ɗalibai 200: lokacin da suke karatu (safe, yamma, dare) da sakamakon jarrabawarsu. Na bi dabarar da aka koya mana na samu χ² = 10.78. Tunda gida shida ne, na ɗauki df = 5, na ga 11.07 a teburin littafi, sai na rubuta cewa babu alaƙa. Ƙawata kuma ta ce 2 ne. Wa ke da gaskiya? Kuma su waɗannan lambobin tsammani, daga ina suke fitowa?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙawarki ce ke da gaskiya, kuma a jadawalinki wannan bambancin ya juya hukuncin gaba ɗaya. Lissafinki na 10.78 daidai ne, na sake yinsa da hannu. Ga abin da na karanta a hoton:

| | Safe | Yamma | Dare | Jimla |
|---|---|---|---|---|
| Sun ci | 38 | 44 | 38 | 120 |
| Sun faɗi | 12 | 26 | 42 | 80 |
| Jimla | 50 | 70 | 80 | 200 |

Haske ya bugi gidan farko, 38 ɗin ya yi kama da 33. Na tabbatar da shi ne daga jimla: ginshiƙin safe 50 ne, na ƙasa 12 ne, to na sama ba shi da abin da zai zama sai 38. Ki riƙe wannan da kyau, domin shi ne kusan dukan amsar tambayarki ta df. Amma bari mu fara da lambobin tsammani, don idan suka zauna miki, sauran zai zo da sauƙi.

Gwajin yana farawa ne da zato guda, wanda ake rubutawa H0: lokacin karatu ba ruwansa da sakamako. Mu ɗauka hakan gaskiya ne. Cikin ɗalibai 200, 120 sun ci, wato kashi 60 cikin ɗari. Idan har lokaci ba ya canza komai, ya kamata wannan kashi 60 ɗin ya bayyana a kowane rukuni, ba tare da wani ya fi wani ba. Masu karatun safe 50 ne, kashi 60 ɗinsu 30 ne. Masu yamma 70 ne, nasu 42. Masu dare 80 ne, nasu 48. Abin da ya rage a kowane rukuni shi ne waɗanda ake tsammanin za su faɗi: 20, 28 da 32. Dabarar da aka koya muku taƙaitawar wannan tunanin ce kawai:

```
E = (jimlar layi × jimlar ginshiƙi) / N
E = (120 × 50) / 200 = 30
```

Na sha ganin ɗalibai suna raba 200 gida shida su sa 33.3 a ko'ina, da sunan cewa rashin alaƙa yana nufin komai ya zo daidai wa daida. Ba haka ba ne. Masu karatun dare sun fi na safe yawa tun asali, don haka dole gidajensu su fi girma ko da babu wata alaƙa. Kason da ya ci ne ake so ya daidaita tsakanin rukunoni, ba yawan mutanen kowane gida ba. Hanyar duba kanki kuwa mai sauƙi ce: jadawalin tsammani dole ya ba da jimlolin da na asali ya bayar. 30 da 42 da 48 sun ba da 120. 30 da 20 sun ba da 50. In bai fito haka ba, akwai inda hannu ya zame. Kuma idan E ya fito da ɗigo, kamar 17.6, ki bar shi a haka, kada ki mayar da shi 18. Matsakaici ne na lissafi, ba mutane ake ƙirgawa ba.

Yanzu sai a auna nisan abin da aka gani, O, da abin da ake tsammani, E, gida bayan gida:

```
χ² = Σ (O − E)² / E

(38−30)²/30 = 2.133    (12−20)²/20 = 3.200
(44−42)²/42 = 0.095    (26−28)²/28 = 0.143
(38−48)²/48 = 2.083    (42−32)²/32 = 3.125
                              χ² = 10.78
```

Ki dubi bambance-bambancen kafin a ninka su da kansu. A layin sama 8 ne, 2, sai −10. A layin ƙasa su ne dai, da alama a juye: −8, −2, 10. Wannan ba dace ba ne. Layin ƙasa bai kawo wani sabon labari ba, domin duk wanda bai ci ba a rukuninsa, faɗuwa ya yi. Ko a layin saman ma, da zarar kin san 8 da 2, na ukun tilas ya zama −10 don jimlarsu ta koma sifili. Ashe lambobi shida ne a takarda, amma biyu ne kaɗai ke tsaye da ƙafarsu.

Ki gwada da kanki. Zana jadawalin, ki bar jimlolin gefe da na ƙasa, ki goge gidaje shida na ciki. Rubuta 38 a gidan farko: na ƙasansa ya zama 12. Rubuta 44 a na biyu: na ƙasansa ya zama 26. Daga nan kin gama zaɓi. Gida na uku a sama shi ne 120 a cire 38 a cire 44, wato 38, na ƙasansa kuma 42. Gida biyu kika cike da son ranki, huɗu suka cike kansu. Abin da df ke ƙirgawa ke nan, yawan gidajen da ke da 'yancin canzawa bayan an kafe jimloli:

```
df = (layuka − 1) × (ginshiƙai − 1) = (2 − 1) × (3 − 1) = 2
```

Wajen ƙirga layuka da ginshiƙai, ban da layin jimla da ginshiƙin jimla. A hoto suna zaune kamar sauran, sai mutum ya ga jadawali 3 sau 4 ya fitar da df = 6.

Dabarar "yawan gidaje a cire ɗaya" ta wani gwajin ce, wanda ake yi idan abu ɗaya ake dubawa kuma kason da ake tsammani daga waje ya zo, kamar jefa ɗan ludo a ga ko fuskokinsa shida suna fitowa daidai. A can jimla ɗaya ce kawai aka kafe, shi ya sa ake cire ɗaya. A naki kuwa daga cikin bayanan aka ciro lambobin tsammani, don haka kowace jimla da aka yi amfani da ita sai ta rage 'yanci. Wannan wurin ya taɓa raba kan manya: Karl Pearson ne ya fito da gwajin a 1900, kuma yawan gidaje a cire ɗaya yake amfani da shi har a irin wannan jadawali, sai a 1922 Ronald Fisher ya nuna cewa daidai shi ne ninka layuka a cire ɗaya da ginshiƙai a cire ɗaya.

To ga hukuncin. A matakin 0.05, iyakar df = 2 ita ce 5.991, kuma 10.78 ya haura ta nesa. Ya haura ma ta matakin 0.01, wadda take 9.210. Ƙimar p kusan 0.0046 ce, ma'ana da a ce babu alaƙa, da wuya ƙwarai samfuri ya kauce wa tsammani har haka don sa'a kawai. Saboda haka a yi watsi da H0. Za ki iya tabbatarwa a Excel da `=CHISQ.DIST.RT(10.78,2)`, ko a R:

```
m <- matrix(c(38,44,38,12,26,42), nrow = 2, byrow = TRUE)
chisq.test(m)
chisq.test(m)$expected
```

Ina da gyara kuma kan jimlar da kika rubuta. Ko da a ce χ² bai kai iyaka ba, "babu alaƙa" ya yi ƙarfi da yawa. Abin da za a ce shi ne bayanan ba su ba da isasshiyar hujja ba. Ga dalili daga lambobinki. Da ɗalibai 100 kika tambaya, kowane gida ya zama rabi, kason kowane rukuni bai motsa ba, χ² zai zama 5.39, ƙasa da 5.991. Alaƙar tana nan yadda take, mutanen ne suka yi kaɗan. Wannan ne ma ya sa ba a zuba kaso cikin ɗari a dabarar: ainihin yawan mutane ake sawa, in ba haka ba kin canza girman samfurinki ba da saninki ba.

Sharaɗin girman gidaje kuwa kin cika shi. Ƙa'idar da aka fi bi, wadda ake jingina wa William Cochran, ita ce kada wani E ya gaza 1, kuma kada fiye da kashi 20 cikin ɗari na gidajen su gaza 5. E ake dubawa, ba O ba, kuma ƙaraminki 20 ne. Gyaran Yates da wataƙila za a ambata miki na jadawali 2 sau 2 ne, bai shafi naki ba. Abin da hoto ba zai nuna mini ba shi ne yadda kika tara bayanan. Dole kowane ɗalibi ya shiga gida ɗaya tak. Idan takardar tambayoyinki ta bar mutum ya zaɓi safe da dare a tare, kika ƙirga shi sau biyu, to 200 ɗin amsoshi ne ba mutane ba, kuma ƙimar p ɗin ba abin dogaro ba ce. Ki koma ki duba wannan kafin ki miƙa aikin.

Idan kin zo rubuta sakamako, kada ki tsaya a "akwai alaƙa", ki nuna inda take. Ginshiƙin yamma bai kai 0.24 ba cikin 10.78, don kashi 63 nasa yana dab da 60 na gaba ɗaya. Nauyin yana kan safe da dare: kashi 76 na masu safe sun ci, na dare kuwa 47.5. In ana son auna ƙarfin alaƙar da lamba guda, V na Cramér a nan shi ne √(10.78/200), kusan 0.23 a ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 1, wato alaƙar tana nan amma ba ta yi kauri sosai ba.

Sai dai ki yi hattara da kalmar "jawo". Jadawalin bai ce karatun dare ne ke kayar da ɗalibi ba. Mai yiwuwa yawancin masu karatun dare aiki suke yi da rana, lokacinsu kaɗan ne, a gajiye suke zama kan littafi. In kin tambaye su ko suna aiki, ki raba su gida biyu, masu aiki da marasa aiki, ki yi wa kowanne jadawalinsa, ki sake lissafa E daga jimlolinsa. Kowanne df ɗinsa 2 ne, amma tunda mutanen sun rabu, ki sake duba ko akwai E da ya faɗo ƙasa da 5, musamman gidan masu karatun safe da suka faɗi.